Takardar da Ake Karantawa Kafin Gwajin Magani

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce an nemi yardarsu da baki. Irin wannan taƙaddama ce takardar bayani take magancewa.

Abu na farko da ya wajaba ta faɗa shi ne, wannan bincike ne, ba jinyar da aka saba ba. Galibi ƙuri'a ce ke raba mutane gida biyu: wasu su sha sabon magani, wasu tsohon, kuma likita ba ya zaɓa. Don haka takardar da ta yi alkawarin waraka abar tuhuma ce. Ta gaskiya za ta lissafa illolin da aka sani, ta ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, ta kuma bayyana wanda zai ɗauki nauyin jinya idan cutarwa ta auku.

Batun janyewa ya fi damuna, domin kunyar likita tana hana mutanenmu cewa a'a. Sa hannu ba ɗauri ba ne. Mutum yana iya fita duk ranar da ya so, ba sai ya kawo dalili ba, kuma asibiti zai ci gaba da duba shi. Amma ya gaya wa likita tukuna, saboda wasu magungunan barinsu farat ɗaya yana da haɗari.

Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshensa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, sannan ya dangwala yatsa, a ba shi kwafi ya tafi da shi gida.