Sakin layin farko na farar takarda: daƙiƙa talatin a hannun manaja

Yawancinmu mun fara jin sunan farar takarda ne a labarai, idan gwamnati ta fitar da matsayarta kan rahoton wani kwamitin bincike. 'Yan kasuwa ma sun ari sunan. A wurinsu, farar takarda rubutu ne mai 'yan shafuka, wanda kamfani ke yi don ya bayyana wata matsala da hanyar magance ta, da fatan mai karatu ya gamsu ya nemi aikinsa. Mai karatun nan kuwa galibi manaja ne, wayarsa na ƙara, ana jiransa a wurin taro. Mai karatu na yau da kullum yakan karanta kalmomi 200 zuwa 250 a minti ɗaya, don haka idan manaja ya ba ka daƙiƙa talatin, kalmomi ɗari da 'yan kai ya ba ka.

Mu ɗauki misali. A ce kamfanin da ke kafa lantarki mai aiki da hasken rana ya rubuta wa masu injinan gyaran shinkafa takarda. Ga yadda aka saba buɗe ta:

"A wannan zamani na ci gaban kimiyya, makamashi ya zama ƙashin bayan tattalin arzikin duniya. Kamfaninmu, wanda ya daɗe yana hidimta wa jama'a, yana farin cikin gabatar da wannan takarda."

Babu ƙarya a ciki, amma manajan bai ga kansa ba. Jimla ta farko magana ce da kowa ya sani, ta biyu kuma yabon mai rubutu ce. Hanyar gane irin wannan buɗewa mai sauƙi ce: cire sunan kamfanin ka sa na banki ko na masu sayar da taki. Idan maganar ta zauna daram, to ba ta faɗi komai ba.

Ina ganin tushen kuskuren ladabi ne. Mun taso ba a faɗa wa babba buƙata sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya. Wannan daidai ne a zaure. A takarda kuwa, girmama manaja shi ne ka tsare masa lokacinsa. Tun a watan Agusta na 1940, ana tsaka da yaƙi, Winston Churchill ya rubuta wa jami'an gwamnatinsa yana kuka da dogayen rahotanni, ya nemi a riƙa kawo masa muhimman batutuwa a gajerun sakin layi.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: me ke ciwa wannan mutumin tuwo a ƙwarya? Ba ɗumamar yanayi ba ce, kuɗin gas ɗin janareta ne. Da alƙaluman da muka ƙaddara don misali, sabuwar buɗewar za ta zama haka:

"Injin shinkafa da janaretansa ke shan lita 200 ta gas kowace rana yana ƙona lita 5,200 a wata mai kwanakin aiki 26. Idan aka mayar da aikin rana kan lantarkin hasken rana, za a rage lita 80 a kullum, wato lita 2,080 a wata, kuɗin kayan kuma ya dawo cikin wata 30. Wannan lissafi bai shafi aikin dare ba. Shafi na 4 ya nuna yadda za ka yi shi da alƙaluman injinka."

Jimla ta farko ta nuna masa asararsa da ma'aunin da yake gani a littafin akawunsa. Ta biyu ta faɗi ribar da lokacin da za ta zo. An yi lissafin da lita ne, ba da naira ba, domin farashin gas yana sauyawa, takardar kuwa za ta iya kwana wata shida a tebur.

Jimla ta uku ita ce wadda marubuta suka fi son gogewa, kuma ita na fi karewa. Manajan da ya shekara da janareta ya san rana tana faɗuwa. Idan ka ɓoye masa wannan iyaka, zai gano ta da kansa, daga nan ya fara shakkar sauran alƙaluman. Haka kuma duk adadin da ka sa a gabatarwa dole a samu tushensa a cikin takardar. Idan wata 30 ya zama wata 42 a shafi na shida, an gama da kai.

Kafin ka aika, miƙa shafin farko ga wanda bai san aikin ba, ka karɓe shi bayan daƙiƙa talatin. Tambaye shi mece ce matsalar, me kuma mai injin zai samu. Idan ya ce takardar kan hasken rana take, da sauran aiki. Idan ya ce gas na cin lita dubu biyar a wata kuma za a iya rage dubu biyu, sai ka tura ta.