Lauya ɗaya, mai saye da mai sayarwa

A cinikin gida ko fili, sau da yawa za ka ji dillali ya ce, "Alhaji, a bar lauya ɗaya ya rubuta takarda, a rage kashe kuɗi." Kowa ya yi na'am. In ciniki ya tafi lami lafiya, shi ke nan. In kuwa akwai ɓoyayyen lahani a gidan, wannan araha ita ce ke jefa lauyan da mai saye cikin tsaka mai wuya.

A ce wani mutum zai sayar da gida a kan naira miliyan 30. Da suka keɓe da lauya, sai ya faɗa masa cewa gidan na gado ne, ba a raba ba, kuma ƙannensa mata biyu ba su san da cinikin ba. Da wannan lauya nasa ne shi kaɗai, da maganar ta zama amana. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda ya ɗauke shi aiki ya faɗa masa saboda aikin, ko abin da ya gani a takardunsa, ko shawarar da ya ba shi, sai da izininsa ƙarara. Hanin bai ƙare da ƙarewar aiki ba, kuma sashe na gaba ya haɗa da akawun lauya da tafinta.

Abu biyu ne a nan da ake yawan cakuɗawa. Kariyar da Dokar Shaida ta bayar ta kotu ce: ba za a tilasta wa lauya ya tona a gaban alƙali ba. Riƙe sirri kuwa, wanda ƙa'ida ta 19 ta Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya ta wajabta, ya fi faɗi, domin ya bi lauya har majalisar abokai da ɗakin matarsa, ya kuma hana shi cin moriyar sirrin. Dukansu haƙƙin mai magana ne, shi yake da ikon yafewa. Shi ya sa al'adarmu ta zuwa ofishin lauya da rakiyar aboki ko kawu take da haɗari, don ɗan rakiya ba akawu ba ne, ba tafinta ba, ana iya kiransa shaida.

To amma a cinikinmu mai saye ma ya biya lauyan, kuma abin da ya biya shi ya yi ke nan: ya bincika masa asalin gidan. In lauya ya yi shiru, ya cuci mai saye. In ya yi magana, ya tona asirin mai sayarwa. Ƙa'ida ta 17 saboda irin wannan aka yi ta. Ba ta yarda lauya ya tsaya wa mutum biyu masu buƙatu masu karo da juna ba, sai in a fili yake zai iya yi wa kowa aikinsa yadda ya kamata, kuma kowannensu ya amince bayan an yi masa cikakken bayani. A ganina, da zarar maganar gado ta fito, sharaɗin farko ya rushe. Abin da ya rage masa shi ne ya ce wa mai sayarwa ya kira ƙannensa a raba gado ko su sa hannu, in ya ƙi, lauya ya ajiye aikin duka biyun. Miƙa mai saye ga abokin aikinsa na ofis ɗaya ma ba mafita ba ce, domin hanin ya shafi ofishin gaba ɗaya.

Akwai kuma iyaka da mai sayarwa zai iya tsallakewa. Mutumin da ya ce wa lauya, "Bara na sayar da gidan marayu, ga shi an kai ni ƙara," sirrinsa a rufe yake, domin laifin da ya wuce ne yake neman a kare shi a kai. Wanda ya ce, "Barista, rubuta cewa ni kaɗai ne magaji," yana neman a taya shi zamba ne, kuma sashe na 192 bai rufe maganar da aka yi don cim ma haramtacciyar manufa ba. Ƙa'ida ta 19 ma ta ba lauya damar bayyana niyyar aikata laifi, gwargwadon abin da zai hana aukuwarsa. Haka nan in ka zarge shi da ha'inci, ko ka hana shi kuɗin aikinsa, yana iya faɗin abin da zai wanke kansa ko ya karɓi haƙƙinsa.

Lauyan da ya rufe ido ya rubuta takardar, mai saye na iya kai ƙorafinsa ga kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke da ikon yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajistar lauyoyi. Sai dai ladabtar da lauya ba ya dawo da miliyan 30. Wannan sai an shigar da wata ƙarar daban. Kafin ka zuba kuɗi, tambayi lauyan wa ya kawo shi, wa yake biyansa, kuma ko ya taɓa yi wa mai gidan ko dillalin aiki.