Takaba: Bayan 'Yan Ta'aziyya Sun Watse

A ƙasar Hausa, gidan da aka yi rasuwa ba ya rabuwa da jama'a a kwanakin farko. Maza na kan tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, kowa ya shigo sai ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan rai." Da an yi sadakar bakwai sai a naɗe tabarmi, 'yan nesa su kama hanya. Matar mamacin kuwa yanzu ta fara, domin takabarta wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara.

A ce mace ce mai 'ya'ya huɗu a wata unguwa a Kano, mijinta ɗan kasuwa ya rasu bayan gajeriyar jinya. A mako na uku ba ta samun barci sai gab da asuba, tuwo ba ya wuce mata maƙogwaro, tunanin kuɗin haya da na makaranta ya addabe ta. Abin da ya rage tsaye a yininta shi ne salloli biyar, kuma a jikinsu ake iya ɗaura sauran abubuwa. In ta idar da Asuba ta yi azkar, sai ta sha koko ko da rabin kofi ne. Bayan Azahar ta ɗan kishingiɗa, amma kada barcin ya yi tsawo ya cinye na dare. La'asar ta zama lokacin da ƙanwarta ko aminiyarta za ta leƙo a yi hira, ta yi kuka in kukan ya zo. Bayan Isha'i a kashe waya. Wanda baƙin ciki ya danne yakan kasa yanke shawarar ko da ƙaramin abu, shi ya sa kiran salla ke yi masa rana: lokacin ya riga ya tsaru, nasa kawai ya bi.

Haɗa addu'a da kula da jiki ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bukhari ya ruwaito cewa idan aka yi wa Nana A'isha rasuwa, mata suka watse, takan sa a dafa talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a ci, domin ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana rage baƙin ciki. Shi kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Don haka masu tsawata wa mai takaba cewa kuka rashin tawakkali ne suna ƙara mata nauyi ne kawai. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi.

Tunanin dare ma iri biyu ne. Akwai wanda ke kai mutum ga addu'a da natsuwa, akwai kuma mai zagaye wuri guda: da ma na kai shi asibiti da wuri, da ma ban faɗa masa kaza ba. Wannan na biyun ba a maganinsa da zama shiru a ɗaki. Gara ta faɗa wa wanda ta yarda da shi. Damuwar kuɗi kuma a zauna da 'yan'uwa a rubuta bashi da abin da aka bari, a san ranar rabon gado.

Akwai inda lamarin ke wuce na gida. Idan mako biyu ko fiye suka shuɗe kusan kullum tana cikin ƙunci, ba abin da ke mata daɗi, tana ramewa, ta kasa kula da yara, har sallar da take samun sanyi a cikinta ta koma mata jan aiki, to likitoci na kallon wannan a matsayin alamun ciwon damuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani, ko ta tattaunawa da ƙwararre ko da ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Idan kuwa ta fara cewa gara ta bi shi, ko tana maganar kashe kanta, ranar za a kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano. Malamai sun halatta wa mai takaba fita don lalura irin ta ganin likita, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Dangin da ke da mai takaba a gida su raba kwanakin ziyara a tsakaninsu har ta fita, kuma duk wanda ya je ya tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta samu barci.