Taken Tallar Ƙwai: Alkawarin da Uwargida Za Ta Iya Gwadawa a Kwanon Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ko ya zaga bayan garin Kaduna, zai ga allunan gidajen gona jere a bakin titi. An zana kaza ja da kiret cike da ƙwai, a ƙasa kuma an rubuta kusan magana iri ɗaya: sabon ƙwai, mai inganci, mai rahusa. Babu wanda ke rubuta cewa ƙwansa tsoho ne. Saboda haka kalmar "sabo" ba ta raba mai gaskiya da wanda kiret ɗinsa ya yi mako uku a shago, kuma uwargidan da ta taɓa fasa bara-gurbi a cikin kwaɓin kek ta daina jin ta tun tuni.

Wannan ita ce matsalar da ƙaramin mai kiwon kaji ke fuskanta idan ya zauna neman gajeren taken da zai liƙa a kiret, ya sa a allo, ya tura wa mutane ta WhatsApp. Ba zai iya karya farashin manyan gidajen gona ba, domin su suna sayen masara da waken soya tirela-tirela. Abin da ya fi su da shi guda ɗaya ne, kusanci. Ƙwansa yana iya isa gidan mai saye kwana ɗaya ko biyu bayan kaza ta saka shi, alhali wanda aka ɗauko daga nesa sai ya bi ta hannun dillali, ya sauka wajen mai sari, ya zauna a shagon unguwa. Take mai kyau shi ne wanda ya ɗauki wannan fifiko ya mai da shi alkawarin da za a iya kama mutum da shi.

Dalilin da ya sa kwanaki ke da nauyi haka yana cikin halittar ƙwan. Ɓawonsa yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Tun daga ranar da aka saka shi, ruwa da iska suke fita ta cikinsu, sai ɗan gurbin iskar da ke ɓangaren mai faɗi ya riƙa girma. Farin ƙwan da ke da kauri yana tsinkewa, gwaiduwar da ke tsaye a dunƙule tana bajewa. Zafi yana hanzarta wannan duka. A Kano ko Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙwan da aka jibge a shagon kwano yana tsufa cikin kwanaki kaɗan fiye da yadda zai yi cikin makonni a firji. Mutanenmu sun san haka tun kafin zuwan kajin gidan gona: mai sayen ƙwan zabi da damina yakan ɗaga shi ya duba a hasken rana, ko ya jefa shi cikin ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu, wanda ya taso sama kuwa a bar shi.

A ɗauki misalin gona mai kaji 500 a wajen gari. Idan kajin suna kan ganiyarsu, kashi 80 cikin ɗari suna yin ƙwai kullum, ana tsince ƙwai 400 a rana, wato kiret 13 da ɗoriyar ƙwai 10, tunda kiret yana cin 30. A mako ya kama ƙwai 2,800, kimanin kiret 93. Mai gonar yana shiga gari da kaya sau biyu a mako, Litinin da Alhamis.

Abu na farko da zai zo masa a rai shi ne ya rubuta "Ƙwan yau, a gidanku yau." Yana da daɗin faɗa, amma ƙarya ce. Kayan ranar Litinin sun haɗa da abin da aka tsince tun daga yammacin Alhamis, har Juma'a, Asabar da Lahadi, don haka mafi tsufa a ciki ya kwana huɗu. Ƙwai mai kwana huɗu sabo ne ƙwarai, babu abin kunya a cikinsa. A Tarayyar Turai, inda doka ta tsaurara kan wannan, ana barin a kira ƙwai sabo fil har zuwa kwana 9 da saka shi, kuma wa'adin da ake bugawa a kwali kwana 28 ne. To me zai sa mai gona ya yi ƙarya a kan abin da gaskiyarsa ma abin alfahari ce? Taken da ya dace da shi ya fi kusa da wannan: "Ƙwanmu ba ya wuce kwana huɗu. Ku duba kwanan wata."

Ba shi da kirari, amma yana ɗauke da abu biyu da sauran allunan ba su da su: adadi, da kuma gayyatar a bincika. Sai dai daga ranar da aka buga shi, ya zama aiki. Dole a riƙa tsince ƙwai sau biyu ko uku a rana, a ware na kowace rana a kiret ɗinsa, a rubuta kwanan wata a jiki tun a gona, ba a bakin ƙofar mai saye ba. Dole kuma a san inda rarar za ta tafi. Idan gidaje 40 ne ke karɓar kiret ɗaya kowane mako, saura kiret 53 ba su da masauki, kuma ba za a ajiye su a cusa wa gidajen a mako mai zuwa ba. Waɗannan na masu shayi ne da masu gasa burodi da kek, waɗanda ke cinye kaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai gonar da bai shirya wannan kasuwa ta biyu ba zai karya alkawarinsa ranar da ciniki ya tsaya, kamar yadda ya tsaya a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun Naira, sa'ad da ƙwai ya taru a gonaki babu mai saye.

Wanda ya yarda da kayansa yana iya ƙara mataki ɗaya: "In ya taso a ruwa, mu za mu biya." A ganin mai wannan rubutu, wannan ya fi kowanne ƙarfi, domin ya miƙa wa uwargida alƙalanci da kayan aikin da ke ɗakin girkinta. Amma yana bukatar iyaka a rubuce, misali cikin kwana bakwai da karɓa, in ba haka ba wani zai ajiye kiret kusa da murhu wata guda ya dawo neman kuɗinsa. Kuma gwajin ruwa shekarun ƙwai kawai yake nunawa. Ba ya nuna ƙwayar cuta, ba ya nuna ragowar magani.

A nan ne masu talla suka fi zamewa. Damuwar mutanen birni ba ta tsaya ga tsufan ƙwai ba. Akwai masu tsoron magungunan da ake ɗura wa kaji, akwai waɗanda har yanzu suke tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006. Sai mai gona ya ga dama ya rubuta "babu magani" ko "babu sinadari". Kusan babu gonar da za ta riƙe kaji fiye da shekara ba tare da rigakafi ko maganin wata cuta ba. Abin da mai gaskiya zai iya cewa shi ne yana kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin magani, ba ya sayar da ƙwan waɗannan kwanaki, kuma likitan dabbobi yana duba masa kaji. Wannan bayani ne mai kyau, amma wurinsa bayan takarda ko hira da mai saye, domin ba abin da uwargida za ta iya tabbatarwa da idonta ba ne. Ban da haka, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye da bayanin da ba gaskiya ba, kuma ba ta ware ƙaramin ɗan kasuwa ba.

Haka nan jan gwaiduwa. Mutane da yawa suna ɗauka gwaiduwa mai ja ita ce alamar ƙwai mai kyau, alhali launinta daga abinci yake fitowa: jar masara da ganye suna ƙara mata launi, farar masara ko dawa suna sa ta yi fari-fari. Wanda ya gina takensa a kan jan gwaiduwa zai sha tambaya ranar da jar masara ta yi tsada ya koma fara. Launin ɓawo kuma na jinsin kaza ne. Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, ta samar tana yin ƙwai mai jan ɓawo, wasu jinsunan suna yin fari, abin da ke ciki kuwa kusan ɗaya ne. Girman ƙwai ma ba abin rantsuwa ba ne: kaza takan fara da ƙanana tana da mako 18 zuwa 20, su yi ta girma yayin da take tsufa, ɓawon kuma yana raguwa da kauri.

Birtaniya ta bi irin wannan hanya. A 1988 wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan ƙasar yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ciniki ya faɗi warwas. Abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne tsarin da aka shigo da shi a 1998, inda ake yi wa kaji rigakafi, a buga jan tambarin zaki da kwanan wata a jikin kowane ƙwai. Ƙaramar gona a Kumbotso ko Igabi ba ta da injin bugawa, amma tana da alƙalami da takardar liƙawa.

Sauran aikin na kunne ne. Take ya zama gajere yadda yaron da aka aika zai iya maimaita shi a gida ba tare da ya manta rabi ba, kuma ya shiga gefen kiret tare da sunan gona da lambar waya. "Ku" ta fi "ki", domin a gidaje da yawa maigida ne ke cefane, uwargida ce ke fasawa, kuma dukansu ake so su ji da su ake. Kafin a kai wa mai buga takarda, yana da kyau a karanta wa mutum biyar ko shida daga cikin masu saye, a tambaye su abin da suka fahimci an yi musu alkawari. Idan amsarsu ta wuce abin da gonar za ta iya cikawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke rage yawan ƙwai kuma yake sa ɓawo ya yi laushi, sai a rage maganar. Idan kuma wata rana mai gonar ya rage shiga gari zuwa sau ɗaya a mako, huɗun da ke cikin taken dole ta koma bakwai, a cire tsofaffin takardun daga jikin kiret tun kafin a loda kayan farko.