Kyamis Ko Famasi: Yadda Kantin Magani Zai Bayyana Kansa a Kundin 'Yan Kasuwa

Suleja. Duk mai kantin magani da zai sa sunansa a kundin adireshin 'yan kasuwa, abu uku ake nema gare shi: taƙaitaccen bayani, da rukunin sana'a, da jerin ayyukan da yake yi. A unguwa kamar Magajiya da ke cikin garin Suleja, inda ake kiran kowane shagon magani da sunan kyamis, na biyun ne ke da wuyar sha'ani, domin shi ke yanke abin da doka ta yarda a rubuta a sauran biyun.

Hukumar PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna, wadda aka sabunta dokarta a shekarar 2022, ta raba masu sayar da magani ɗai-ɗai gida biyu. Famasi shi ne kantin da aka yi wa rajista a ƙarƙashin kulawar ƙwararren mai harhaɗa magunguna, kuma yana da ikon bayar da maganin da likita ya rubuta. Kyamis kuwa lasisinsa bai wuce sayar da magungunan da hukumar ta lissafa masa ba, irin su farasitamol da gishirin gudawa, a cikin kwalinsu na asali. Ba ya yin allura, ba ya ƙarin ruwa. Saboda haka mai kyamis da ya zaɓi rukunin famasi don ya ja ciniki, ya rubuta wa jami'an bincike shaida a kan kansa ke nan, kuma hukumar tana da ikon rufe kanti.

A ɗauki misalin famasi mai rajista a Magajiya, mai firji da injin janareto, wanda ke sayarwa ɗai-ɗai. Rukuninsa famasi ne kawai. Bai kamata ya ƙara da rukunin sari ba, ko da wasu na sayen katan a wurinsa, domin sari rajistarsa daban ce. Haka kuma ba zai shiga rukunin asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje ba don kawai yana auna hawan jini.

Bayanin da ya dace da shi gajere ne, kamar haka: "Famasi mai rajistar PCN a unguwar Magajiya, Suleja. Ana buɗewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare, ban da lokacin sallar Juma'a. Mai harhaɗa magunguna yana nan daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. A zo da takardar likita." Abin lura shi ne an raba lokacin buɗe kanti da lokacin da ƙwararren yake nan. Wanda ya fito daga Babban Asibitin Suleja da takarda a hannu, ko ma'aikacin da ya taso daga Abuja bayan magariba, wannan layin ne zai gaya masa ko tafiyarsa za ta biya.

Jerin ayyuka kuwa ya tsaya kan abin da kantin ke iya yi kowace rana: bayar da maganin likita, shawara kan yadda ake shan magani, awon hawan jini da sukari, gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, da kayan jarirai. Insulin ba ya shiga jerin sai in firjin na riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 ko da an ɗauke wuta. In ana kashe janareto da dare, gara a cire shi, domin zafi na rage masa ƙarfi ba tare da an gani a kwalba ba.

Akwai kalmomin da ke jawo asara. Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya ta hana tallata wa jama'a magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka, ciki har da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon daji. Kanti na iya cewa yana auna sukari, amma ba zai ce yana warkar da shi ba. Tallar wani magani da sunansa kuma tana bukatar amincewar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Shi ya sa ya fi dacewa a ambaci jinsin kaya, ba sunan kamfani ba. Maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018, ba shi da gurbi a jerin.

Mai saye na iya gane bayanin da ba shi da tushe. In kanti ya kira kansa famasi amma babu takardar rajista ta shekarar da ake ciki a rataye a bango, ko ya ce ba ya rufewa dare da rana alhali ma'aikaci ɗaya ne a ciki, to rubutun ya wuce gaskiyar kantin. Tun da kowace shekara ake sabunta lasisi, lokacin ne ya kamata mai kanti ya sake duba abin da ya rubuta, musamman in mai harhaɗa magungunansa ya bar aiki.