Akwatin Bincike Ya Fi Ka Sanin Bakin Mai Saye

Sabon mai sayarwa a Jiji ko Jumia yakan raɗa wa hajarsa sunan da ya yi masa daɗi, alhali mai saye da nasa kalmomin yake nema. In ba su haɗu ba, kaya sai su kwana.

A ce kana da takalman fata ɗinkin Kano. Buɗe akwatin bincike, ka rubuta `leather s`, ka dakata. Jerin da zai sauko yawanci daga abin da mutane suka saba nema ake tattaro shi. Kwafe shi a takarda, ka goge `s` ka gwada `p`, sannan `m`, har ka tara kalmomi kamar 20. A nan za ka gane cewa abin da kake kira `handmade footwear`, mutane da yawa a Najeriya `palm slippers` suke ce masa.

Daga nan sai tankaɗe. Nemi kowace kalma ka ga abin da zai fito. In kaya dubbai suka bayyana, kalmar ta yi faɗi, za ka nutse a ciki. Ƙara mata bayani, kamar `men` ko lambar ƙafa 43. In takalman roba suka cika shafin, ba taka ba ce, komai farin jininta.

Hattara da abu ɗaya: akwatin yakan tuna abin da kai ka nema jiya ya dawo maka da shi. Fita daga asusunka kafin ka fara, ko ka ari wayar maƙwabci.