Yadda Ake Tantance Masu Zuwa Walima Daga Amsoshin WhatsApp

Idan aka sa katin walima a rukunin WhatsApp na dangi, amsoshi sai su yi ta zuwa barkatai. Wannan ya rubuta "in sha Allah", wancan ya turo muryarsa, wata kuma ta manna hoton babban yatsa. Mai dafa abinci kuwa adadi take jira.

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe aikin. Ya ɗauki takarda, ya ba kowane gida layi guda, ya rubuta sunan maigida da yawan mutanen da za su zo, har da yara. A ganina nan ne aka fi yin kuskure. Yaya ta ce "muna tafe", washegari mijinta ma ya ce "muna tafe", sai a ƙidaya gida ɗaya sau biyu. Ko kuma a rubuta mutum ɗaya alhali su shida ne.

"Allah ya sanya alheri" addu'a ce, ba alkawarin zuwa ba. Irin waɗannan a kira su, a tambayi adadi. Wanda ya canza magana, a bi ta ƙarshe. Kwana uku kafin walima a tura jerin cikin rukunin, kowa ya duba layinsa, sannan a rufe.